Kwantena ta maƙale a Apapa: labari ɗaya, imel uku

A ofisoshin da ke fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, daga Apapa zuwa Ijora, akwai aikin da ba a zaunar da kowa a koya masa, amma duk wanda ya daɗe sai ya yi shi: sanar da mutane cewa kaya ba za su iso ranar da aka yi alkawari ba. Hanyar da aka fi bi ita ce mafi sauƙi. A rubuta dogon imel guda, a zuba komai a ciki, a jera sunan oga da na abokan aiki da na mai kaya a layin To, a tura. Wanda ya rubuta yana jin ya sauke nauyi tunda bai ɓoye wa kowa komai ba. Sai dai bayan rabin awa oga zai aiko da kalma biyu, "kira ni", abokan aiki za su yi shiru domin kowa ya ɗauka da wani ake, mai kaya kuwa ya ga lissafin cikin gida da bai kamata ya gani ba, kuma har yanzu bai san ranar da kayansa za su iso ba.

Dalilin hakan shi ne mutum ukun nan kowa da tambayar da yake buɗe imel da ita. Oga yana so ya san wace shawara ake jira ya yanke da kuma nawa za ta ci. Abokan aiki suna so su san wa zai yi me, kafin ƙarfe nawa. Mai kaya yana so ya san yaushe zai ga kayansa da abin da ya kamata ya shirya kafin nan. Layin farko na imel tambaya ɗaya kawai yake iya amsawa, saboda haka idan an haɗa su wuri guda, biyu daga cikinsu sai sun tono amsarsu daga tsakiyar rubutu, a kan waya, wataƙila a cikin cunkoson Oshodi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, amma matakan su ne waɗanda ake bi.

A ce kai ne ke kula da oda a wani ƙaramin kamfani da ke shigo da kaya yana kai wa masana'antu a Arewa. Wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano ta yi odar kwantena ɗaya mai ƙafa 40 ta ƙwayar roba, buhu 1,000, kowane buhu kilo 25. An yi yarjejeniya kan farashi guda har ƙofar masana'anta, wato haraji da kuɗin tasha da na mota duk a wuyanku suke, kuma kun yi alkawarin kai kaya ranar Juma'a 14 ga wata. Ranar Litinin 10 ga wata da hantsi ejan ɗinku, mai fitar muku da kaya daga tasha, ya kira daga Apapa. Kwastam ba su amince da darajar da ke kan takardar farashin kaya ba, sun fitar da takardar neman ƙarin haraji na naira miliyan 4.2. Wannan ba baƙon abu ba ne, tantance darajar kaya aikinsu ne. Da aka duba fayil sai aka ga takardar banki da ke nuna ainihin kuɗin da aka biya mai sayarwa ba ta cikin abin da kuka miƙa, kuma da tana ciki da wataƙila maganar ba ta kai nan ba. Kwanakin da aka ba ku kyauta na zaman kwantena a tasha za su ƙare Laraba 12 ga wata. Daga Alhamis kuɗin ajiya na tasha da damarej na kamfanin jirgi, wato kuɗin jinkirin da kwantenarsu ta yi, za su fara hawa, a ce naira 180,000 a kowace rana idan an haɗa. Manajan masana'antar kuma ya taɓa gaya maka cewa ƙwayar da ke sitonsu ba za ta wuce 21 ga wata ba.

Kafin ka buɗe imel ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da ba su canzawa ko da wa kake magana: abin da ya faru, musabbabinsa, tsohuwar rana, sabuwar rana, da wanda zai ɗauki asara. Layi biyar sun isa. Duk imel ɗin da za ka rubuta daga wannan takarda zai ɗebo. Kana da damar zaɓar abin da za ka sa a gaba, kana da damar barin abin da bai shafi mai karatu ba, amma ba ka da damar rubuta wa ɗaya abin da zai ƙaryata na ɗayan. Wannan ba maganar kirki kaɗai ba ce. Imel yana yawo, kuma tun Dokar Shaida ta 2011, wadda sashe na 84 nata ya yi tanadin karɓar bayanan na'ura mai ƙwaƙwalwa, kotu tana iya karɓarsa a matsayin hujja. Idan ciniki ya lalace, imel ukun nan suna iya haɗuwa a kan teburi guda.

Na oga shi ne na farko, domin sauran biyun sun dogara da amsarsa. A layin Subject za ka rubuta: "Ana jiran amincewarka kafin 3:00 na yau: ƙarin haraji N4,200,000 kan kwantenar Sharaɗa". Sannan jikin saƙon:

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Kwantenar ƙwayar roba ba za ta isa Sharaɗa ranar Juma'a 14 ga wata ba. Kwastam ba su amince da darajar da muka bayyana ba, sun nemi ƙarin haraji N4,200,000. Ina neman izininka mu biya gobe da safe.

"Idan muka biya gobe Talata, muna sa ran a saki kaya Alhamis, mota ta tashi Juma'a, ta isa Kano tsakanin Litinin 17 da Talata 18. Kuɗin zama na kwana biyu N360,000 ne, jimla N4,560,000. Idan muka ƙalubalanci darajar, ejan ya ƙiyasta mako biyu. Kuɗin zama kaɗai zai kai N2,520,000, kuma idan ba mu yi nasara ba jimla za ta zama N6,720,000. Kayan ba za su isa Kano ba sai ƙarshen wata, alhali ƙwayar da ke hannun masana'antar za ta ƙare wajen 21 ga wata.

"Musabbabin daga ɓangarenmu ne: takardar biyan kuɗi ta banki ba ta shiga fayil ɗin da muka miƙa ba, kuma duba fayil aikin sashena ne. Zan kawo maka cikakken bayani da gyaran da muka yi ranar Laraba. Ina so in sanar da masana'antar kafin a tashi aiki yau, da alkawarin Laraba 19 ga wata. Na gode."

Abin lura na farko shi ne labarin bai bi tarihi ba. Da yawanmu muna fara wa oga daga ranar da jirgi ya iso, mu bi ta kiran ejan, mu bi ta abin da jami'i ya ce, sai a sakin layi na huɗu a fito da maganar kuɗi. Muna yin haka ne don mu nuna mun yi ƙoƙari kafin mu faɗi mummunan labari. Amma oga yana karantawa ne yana neman inda za a ce masa ya sa hannu, kuma duk layin da ya wuce bai gani ba hankalinsa ƙara tashi yake yi. A misalin nan jumla uku na farko sun ba shi matsalar, adadin, da abin da ake nema daga gare shi. Ko da bai ƙarasa ba zai iya amsawa.

Abu na biyu shi ne an ba shi hanyoyi biyu da lissafinsu, an kuma nuna wadda mai rubutu ya fi so. Wasu suna ganin rashin ladabi ne ƙarami ya gaya wa babba abin da ya kamata a yi, sai su rufe da "muna jiran umarninka". A ganina wannan ladabi ne mai tsada, domin ya mayar wa oga aikin da aka ɗauke ka ka yi. Ladabin yana cikin "ranka ya daɗe" da "ina neman izininka". Shawarar kuwa dole ta fito. Kuma lissafin dole ya zama na gaskiya ta kowane ɓangare. Duba da kyau: idan aka ƙalubalanta aka yi nasara, kamfani zai kashe N2,520,000 kawai, ƙasa da kuɗin biya nan take da kusan miliyan biyu. Oga mai son rike kuɗi yana iya zaɓar hakan, kuma haƙƙinsa ne. Abin da ya karkatar da shawarar zuwa biya shi ne ranar 21 ga wata, ranar da injinan wani za su tsaya. Idan ka ɓoye cewa hanya ta biyu tana iya fin arha don kawai ka samu amincewa da wuri, ranar da akanta ya nuna masa lissafin ba zai ƙara yarda da alƙalumanka ba.

Maganar kuskure kuma layi biyu ta ɗauka, an ajiye ta kusa da ƙarshe, ba a ambaci sunan yaron da ya manta takardar ba. Oga yana buƙatar sanin cewa matsalar daga gida take, domin hakan ya shafi ko zai iya neman mai sayarwa ko mai kaya su ɗauki wani kaso. Binciken wa ya yi sakaci kuwa na wata rana ne, kuma baki da baki.

A ce ƙarfe biyu da rabi oga ya amsa: a biya. Yanzu sai na abokan aiki. Wannan shi ne mafi bushewa cikin ukun, kuma haka ya kamata ya zama. Subject: "Kwantenar Sharaɗa: sabon jadawali, mota za ta tashi Juma'a 14".

"Jama'a, sannunku da aiki. Kwastam sun nemi ƙarin haraji kan kwantenar Sharaɗa, oga ya amince a biya. Burinmu mota ta bar Legas Juma'a 14 ga wata. Daga Alhamis kowace rana tana cin N180,000.

"Akanta: a biya N4,200,000 gobe Talata kafin 10:00 na safe, a turo rasit a nan. Ejan: da zarar rasit ya zo a miƙa shi, a bi sakin kaya, a karɓo takardar fitarwa daga tasha zuwa Alhamis da azahar. Mai kula da motoci: a soke motar gobe, a nemi gurbin shiga tasha a Eto na Juma'a da safe, a tabbatar min yau kafin 5:00.

"Muna aiki ne don kaya su isa Kano Litinin 17 ko Talata 18. Alkawarin da za a yi wa masana'anta Laraba 19 ne. Ni kaɗai zan yi magana da su. Duk wanda suka kira ya haɗa su da ni. Wanda ya ga aikinsa ba zai yiwu a kan lokaci ba ya kira ni nan take, kada ya jira safiya."

A imel na gaske sunan kowa za ka sa a maimakon muƙaminsa, kuma kowane aiki mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi. "A duba maganar mota" ba umarni ba ne, domin mutum uku za su karanta kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya duba. An cire muhawarar biya ko ƙalubalanta gaba ɗaya tunda an riga an yanke, kuma sake buɗe ta a gaban mutum shida ɓata yini ne. An bar adadi guda da zai sa kowa ya gane dalilin gaggawar, wato kuɗin kowace rana. Layin Eto kuwa, wato tsarin neman gurbin shiga tasha ta intanet, ba ado ba ne. Tun da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki da tsarin a watan Fabrairun 2021, babbar motar kaya ba ta shiga tashar Apapa sai da gurbi, don haka idan ranar lodi ta motsa, gurbin ma sai an motsa shi. Irin wannan ƙaramin abu ne oga ba ya buƙatar ji, mai kaya ba ya buƙatar ji, amma idan ya faɗi daga imel na tsakiya an yi asarar kwana guda.

Layin da ya ce mutum ɗaya ne zai yi magana da masana'anta yana da dalili na musamman a Legas. Tsakanin Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Kano babu wata tazara idan ana maganar labari. Direban da aka soke wa lodi yana da abokin da ke sauke kaya a Sharaɗa, ejan yana da lambar mai siton masana'antar. Idan ba a tsayar da baki ɗaya ba, kafin magariba manajan zai ji cewa "kwastam sun kama kayan", wanda kuma ba haka aka yi ba, amma da wuya ka goge shi daga ransa.

Wannan ne ma ya sa imel na uku ba ya kwana. Shi ne mafi wahalar rubutawa, kuma a nan aka fi zamewa. Subject: "Odar ƙwayar roba, buhu 1,000: sabuwar ranar isowa Laraba 19 ga wata".

"Assalamu alaikum Alhaji, da fatan ana lafiya, ya aiki. Ina sanar da kai cewa ƙwayar roba buhu 1,000 ba za ta iso ranar Juma'a 14 ga wata kamar yadda muka yi alkawari ba. Sabuwar ranar da muka ɗaure kanmu da ita ita ce Laraba 19 ga wata. Muna ba da haƙuri.

"Kwastam sun nemi ƙarin haraji kan kwantenar. Akwai takardar da ya kamata mu haɗa tun farko ba mu haɗa ba, saboda haka mu ne za mu ɗauki kuɗin. Farashin da muka yi da kai bai canza ba. Kayan suna nan lafiya a tashar Apapa.

"Za mu biya gobe, muna sa ran mota ta tashi Juma'a. Idan hanya ta yi kyau tana iya isowa tun Talata, amma ka yi lissafinka da Laraba. Ranar Alhamis kafin 4:00 na yamma zan rubuto maka halin da ake ciki, ko an saki kayan ko ba a saka ba. Idan ƙwayar da ke hannunku ba za ta kai Laraba ba, ka sanar da ni yau mu ga abin da za a iya yi daga nan."

Tsaya kan maganar rana, domin ita ce inda imel ukun suka fi kusa da saɓa wa juna. An gaya wa oga 17 zuwa 18, abokan aiki suna aiki don 17 ko 18, mai kaya an ce masa 19. Wani zai ce ai wannan baki biyu ne. Zai zama baki biyu idan kowane ɓangare bai san ranar ɗayan ba. A misalin nan oga ya ga Laraba 19 a imel ɗinsa, abokan aiki sun gani a nasu, mai kaya kuma an gaya masa cewa mota tana iya isowa tun Talata. Ranar farko ita ce abin da ake nufa, ta biyu ita ce abin da aka lamunta, kuma tazarar da ke tsakaninsu a fili take ga kowa.

Tazarar ma ba a ƙirƙire ta ake yi ba. Ƙirga matakan da ba a hannunka suke ba: sakin kaya bayan biya, samun gurbin mota, da tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano da tirela mai ɗauke da tan 25. Kowanne yana iya cin yini. Wanda ya ba mai kaya ranar da za ta yiwu kawai idan komai ya tafi daidai, ya shirya wa kansa rubuta imel na ban haƙuri karo na biyu, kuma na biyun ya fi na farko ɓarna nesa ba kusa ba. Jinkiri na farko Alhaji zai ɗauke shi a matsayin halin tasha. Na biyu zai ɗauke shi a matsayin halinku. A ɗaya gefen kuma, wanda ya tsorata ya ce 25 ga wata don kada a kama shi, ya tura manajan ya je ya sayi ƙwaya mai tsada a kasuwar Kano don cike giɓin da babu shi.

Sai maganar abin da aka bari a waje. Ba a gaya wa mai kaya adadin harajin ba, ba a gaya masa an yi tunanin ƙalubalanta ba, ba a gaya masa wace takarda ce ko wa ya manta da ita ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai canza abin da zai yi gobe. Ambaton miliyan 4.2 ma yana iya sa ya ji kamar ana share fagen neman ƙarin kuɗi ne. Amma an bar rabin jumla da ke cewa sakacin daga gida yake. Da yawa za su so su goge ta su rubuta "saboda cunkoson Apapa" ko "saboda matsalar kwastam", tunda kowa ya saba ji kuma ba mai musu. Matsalar ita ce imel ɗin oga ya riga ya faɗi wani abu daban, kuma shi oga yana iya haɗuwa da Alhaji a ɗaurin aure a Kano ranar Asabar ya ba shi haƙuri kan takardar da aka manta. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan mai kaya ya ga imel ɗin oga, zai ce "ashe akwai ƙarin bayani", ko zai ce "ashe ƙarya aka yi min"? Na farko ba komai. Na biyu shi ke raba ciniki.

Wannan iyaka tana motsi da irin yarjejeniyar. Da a ce da sunan masana'antar aka buɗe Form M, wato takardar da mai shigo da kaya ke buɗewa ta banki, ku kuma aikin fitarwa kawai kuke yi musu, to harajin nasu ne, tarihin da ke rubuce a wurin kwastam ma nasu ne. A wannan hali adadin kuɗin shi ne layin farko na imel ɗin Alhaji, zaɓin biya ko ƙalubalanta shi zai yi, kuma imel ɗinsa zai koma kama da wanda muka rubuta wa oga. Oga kuwa sanarwa kawai zai samu. Wato ba muƙamin mutum ne ke tsara imel ɗinsa ba, wanda ke riƙe da shawara da wanda ke ɗaukar asara su ne ke tsara shi.

Gaisuwa tana da wurinta, kuma ba na cikin masu cewa a yanke ta. Imel ɗin da ya faɗa wa dattijo mummunan labari ba sallama zai karanta shi da ɓacin rai biyu. Layi ɗaya dai ya wadatar, saboda a waya abin da ke bayyana kafin a buɗe saƙo shi ne Subject da 'yan kalmomin farko. Tambayar iyali da gajiya da sanyin Kano a bar wa kiran waya, wanda ya kamata ya riga imel ɗin da minti biyar ko ya biyo bayansa nan da nan. Kira yana kwantar da rai, imel yana tsayar da rana da farashi a rubuce. Haka kuma idan ofishinku da Turanci yake aiki saboda akanta Bayerabe ne, mai kula da motoci kuma Ibo, tsarin bai canza ba, harshen ne kawai.

Idan oga bai amsa ba har ƙarfe uku fa? Yana jirgi, ko yana taro a Ikeja waya a kashe. Kada ka ƙirƙiri rana, kada kuma ka yi shiru. Akwai abu ɗaya da ya tabbata ko wace hanya aka bi: kaya ba za su isa Juma'a ba. Rubuta wa Alhaji wannan, ka ce sabuwar rana za ta zo masa gobe kafin azahar. Ya fi masa amfani ya san haka yau Litinin, yana da sauran lokacin rage awannin injin ko ranto buhu ɗari daga maƙwabciyar masana'anta, da ya samu cikakken bayani ranar Alhamis.

Akwai kuma ɓarnar da yatsa ke yi. Mafi yawanta daga Forward take: ka ɗauki imel ɗin abokan aiki, ka gyara saman, ka tura wa mai kaya, ka manta cewa duk zaren da ya gabata yana ƙasa. A Gmail tsohon rubutu yana naɗe a bayan ɗigo uku idan kana ba da amsa, ba ka ganinsa sai ka danna, amma wanda aka tura wa zai iya buɗewa. Damar janye saƙo da Undo ba ta wuce daƙiƙa 30 ko da ka saita ta a ƙarshe. Maganin shi ne kowane imel cikin ukun ya fara daga sabon shafi da nasa Subject. Idan kana so oga ya ga abin da ka rubuta wa Alhaji, sa shi a Cc a fili, ko ka tura masa kwafi daga baya. Bcc yana da haɗari: oga ya danna Reply all ya rubuta "wa ya manta takardar?", saƙon ya faɗa akwatin mai kaya.

Amsoshin da suka dawo su ne za su nuna maka ko rubutun ya yi aiki. Idan oga ya tambayi nawa ne jimla, lissafin ya nutse a tsakiya. Idan abokin aiki ya amsa da "to" kawai ba tare da cewa ya karɓi nasa aikin ba, kira shi, domin wataƙila bai ga sunansa ba. Idan Alhaji ya rubuto "to yaushe ke nan?", ko ya tsallake ka ya kira oga kai tsaye, ranar ba ta fito a layin farko ba, ko kuma bai yarda da ita ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu alkawarin da ka ɗauka zai cika, kuma a nan ne zagaye na biyu yake farawa da takardar nan mai layi biyar. A ce an saki kaya amma gurbin mota bai samu ba sai Asabar. Oga zai samu layi biyu: an ƙara kwana ɗaya, N180,000, jimla ta koma N4,740,000, ba a bukatar wata shawara daga gare shi. Abokan aiki za su samu sabon lokacin lodi da sunan wanda zai kwana kan maganar gurbin. Alhaji zai ji cewa kaya sun fita daga hannun kwastam, mota za ta tashi Asabar maimakon Juma'a, amma Laraba 19 tana nan yadda take, kuma lambar motar da ta direba za su zo masa da zarar an gama lodi.